Buhu Arba'in da Ba a Ɓata Ba

A wani ofishin ayyukan gona da na taɓa yi wa aiki a Kano, teburina yana daura da na wata akawu, mace marar yawan magana, wadda duk takardar da za ta fita daga ofishin sai ta bi ta hannunta. Wata ranar Litinin a farkon damina, masinja ya dawo mata da rahoton da ta miƙa ranar Alhamis. Shafi 14 ne, a kan rabon takin zamani ga ƙungiyoyin manoma, kuma da Hausa aka rubuta shi, domin dagatai da shugabannin ƙungiyoyi ne za su karanta. Maigidanmu ya bi shi da jan biro, ya zagaye wuri 9. A saman shafin farko ya rubuta cewa ba zai sa hannu a kan irin wannan aiki ba, yana jiran bayani.

Zagayen da ya fi kauri yana shafi na 7. Jimlar tana cewa ƙungiyar matan wata unguwa "an bata buhu 40". Abin da ake nufi shi ne an ba ta, wato ta karɓi kasonta. Amma Bahaushen da ya saba karanta rubutun waya, inda ba a damu da ƙugiyar baƙi ba, da ya ga "bata" sai idonsa ya sa mata ƙugiya da kansa, ya karanta "an ɓata buhu 40". A rahoton rabon taki, wannan magana tana iya tara mutane a ƙofar gidan dagaci. Tazara ɗaya ce ta faɗi tsakanin "ba" da "ta", amma da takardar ta fita haka, da sai an yi rantse-rantse kafin a yarda taki ya isa hannun masu shi.

Na sha ganin yadda ake amsa irin wannan ƙorafi. Wani ya cika shafi da ban haƙuri da "in Allah ya yarda ba za a sake ba", bai faɗi abin da zai hana a sake ba. Wani kuma ya jingina laifin ga na'ura, ko ga ɗaukewar wuta, ko ga ƙurewar lokaci. Ita malamar nan ba ta rubuta komai ba a ranar. Ta ɗauki rahoton da fensir da rula, ta koma teburin da ke bakin taga, ta bi shi layi-layi har aka kira la'asar. Washegari ta miƙa amsa mai shafi ɗaya. Na roƙe ta ta bar ni in kwafa, kuma har yau ina nuna wa sababbin ma'aikata ita. Ga yadda ta buɗe:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ga gyaran da ka yi wa rahoton rabon taki, na gode. Laifin nawa ne, domin ni na miƙa shi ban tace ba. Na sake bin sa daga farko har ƙarshe, na sami kuskure 23: guda 8 daga cikin waɗanda ka zagaye, da wasu 15. Guda 11 na baƙaƙe masu ƙugiya ne, 7 na raba kalma ko haɗe ta, 3 na sunan gari, 2 na lissafi. Gyararren rahoton yana tare da wannan takarda. Na ja layi a ƙarƙashin duk wurin da na taɓa, don kada ka sha wahalar sake karanta shi gaba ɗaya."

Dubi abin da ta yi. Ban haƙurin jimla ɗaya ce, kuma babu "amma" a bayanta. Sannan ta kai wa maigida kurakurai 15 da shi bai gani ba. Da farko na ɗauka ta ƙara wa kanta laifi ne, na ma faɗa mata haka. Ta ce mini, wanda ya ga kuskure 9 a takarda, abin da ke damunsa ba su 9 ɗin ba ne, tambayar da yake yi wa kansa ita ce nawa suka rage bai gani ba. In ta gyara 9 kaɗai ta mayar masa, dole ya sake zama ya karanta shafi 14 da zargi a ransa. In ta ce masa 23 ne, ga su, ta sauke masa wannan kaya.

Inda gwanintarta ta fi burge ni shi ne rarrabawar. Ƙidaya kuskure kowa zai iya, amma sai ka jera su gida-gida sannan za ka ga ta inda ruwa yake shigowa ɗakin. Da ta jera guda 11 na ƙugiya, sai ta lura dukkansu suna tsakanin shafi na 6 da na 9. Waɗannan shafuka kuwa bayanan malaman gona ne da suka turo ta waya daga ƙauyuka, ta kwafo ta liƙa cikin rahoton. Su sun rubuta "kudi" da "dari" da "kungiya" kamar yadda kowa ke yi a waya, ita kuma ta gyara waɗanda idonta ya kama, sauran suka sulale. A shafukan da ta buga da hannunta babu ko ɗaya. Saboda haka maganin wannan rukuni ba "ƙara kula" ba ne. Maganinsa shi ne duk abin da aka kwafo daga waya a tace shi a wani fayil dabam kafin ya shiga rahoto. Haka ta rubuta masa, ba tare da ta ambaci sunan malamin gona ko ɗaya ba.

Dole in tsaya kaɗan a kan ƙugiyar nan, domin akwai masu ganin ado ce. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Abin da kunne ke rarrabewa cikin sauƙi, a takarda an riga an zubar da rabinsa. Abin da ya rage wa mai karatu ya dafa shi ne ƙugiya da tazara. In aka cire su, "ƙasa" ta zama "kasa", "faɗa" ta zama "fada", "baƙi" ya zama "baki", "ta ƙi" kuma in aka haɗe ta ta koma "taki", wanda a rahoton irin namu ba ƙaramin rikici ba ne. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, baƙaƙe masu ƙugiya suka samu gindin zama, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta kai su gidajen mutane. Ba jiya aka zo da su ba. Madannan waya da na kwamfuta da ba a ƙera da mu a zuciya ba su suka sa muka fara sakaci.

Sakin layi na biyu na amsar shi ne tsarin da ta ce za ta riƙa bi. Ta rubuta shi a taƙaice, amma ni na ga yadda take yin sa a aikace, wata da watanni.

Da farko takarda sai ta kwana. Ba ta tace abin da ta gama bugawa a ranar da ta gama shi. Dalilinta shi ne wanda ya rubuta jimla ya san abin da yake nufi, don haka idonsa ba ya karanta abin da ke kan takarda, yana karanta abin da ke cikin kansa. Ita da ta san abin da "an bata" ke nufi ta wuce ta wurin sau biyu ranar Alhamis, duk "an ba ta" take gani. Kwana ɗaya yana sa jimlar ta ɗan zama baƙuwa. In lokaci ya ƙure, ko tazarar azahar zuwa la'asar ta fi babu.

Washegari da safe sai aikin na'ura, kuma a nan tana da wata 'yar takarda manne a gefen kwamfutarta, mai ɗauke da kalmomin da ta san suna yawan kuɓuce mata: bata, kara, kasa, kudi, daya, dari, dauki, kauye, kungiya, akan, saida. Takan danna `Ctrl+F` ta nemi kowace, ta duba duk inda ta fito ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa maɓallin `Replace All`, kuma ta sa wannan a cikin amsar don maigida ya sani. In ka ce wa na'ura ta mayar da duk "kasa" ta koma "ƙasa", za ta ɓata maka "manomin ya kasa biya". In ka ce ta mayar da "kara" ta koma "ƙara" ba ka zaɓi `Find whole words only` ba, za ka wayi gari da "ƙaratu" da "ƙaranta". Na'ura tana kai ka wurin ne kawai, hukuncin naka ne. Haka "akan": in al'ada ake nufi, kamar "akan raba taki a watan Yuni", haɗe take. In wuri ko batu ake nufi, kamar "a kan tebur", rabe take. "Saida" kuma ko dai "sai da" ce, ko "sayar da". A rahoton taki, "saida aka kawo" da "saida taki" suna iya zama a shafi ɗaya.

Jan layin da Word ke yi a ƙarƙashin kalmomi kuwa, in an bar shi a kan Turanci, kusan kowace kalmar Hausa zai ja wa. Shafi ya yi ja wur, ido ya daina ganin jan. Ita takan zaɓi rubutun duka, ta shiga `Set Proofing Language`, ta sa alama a `Do not check spelling or grammar`. Gara shafi fari fat da ka san babu mai tsaron sa sai kai. Don buga ƙugiya a kwamfutar da ba a sa mata madannan Hausa ba, takan buga lambar baƙin sannan ta danna `Alt+X`:

```
U+0199  ƙ     U+0198  Ƙ
U+0257  ɗ     U+018A  Ɗ
U+0253  ɓ     U+0181  Ɓ
```

Daga nan sai ta buga rahoton a takarda. Wannan shi ne zagayen da ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar aikin. Takan ɗora rula a ƙarƙashin layin da take karantawa don ido kada ya yi tsalle, ta riƙa furta kowace kalma a hankali, leɓenta na motsi. Sharaɗinta shi ne ta furta abin da aka rubuta, ba abin da ya kamata a rubuta ba. In ta ga "kudi" sai ta faɗe shi da d marar ƙugiya, nan take kunne ya ƙi karɓa. Kunnen Bahaushe ya fi idonsa sanin Hausa, domin da shi ya fara koyonta. Kurakuran raba kalma ma a nan suke faɗowa: "ya na" da ya kamata ta zama "yana", "su ka" da ya kamata ta zama "suka", "gonar sa" da ya kamata ta zama "gonarsa", sai kuma kishiyarsu, irin "yazo" da "munga" da ya kamata a raba. Bugawa a takarda tana da wani amfani kuma: akwai zubin haruffan da ba su da ƙ da ɗ, sai firinta ta fito da ɗan akwati ko wani baƙi mai siffa dabam a wurinsu. Shi ya sa in za ta tura rahoto wata kwamfutar takan mayar da shi PDF tukuna.

Sunaye da lissafi ba ta haɗa su da wannan karatu. Zagayensu dabam ne, domin kunne ba ya kama su. Lambar da aka juya tana da daɗin furtawa kamar ta gaskiya. A jadawalin shafi na 11 jimillar buhuna 1,250 ce, a bayanin shafi na 2 kuma an rubuta 1,520. Ta nuna mini wata dabarar masu lissafin kuɗi: in lambobi biyu suka saɓa, ka cire ƙarama daga babba, in abin da ya rage yana rabuwa da 9 ba saura, ka fara zargin an juya lambobi ne wajen bugawa. A nan bambancin 270 ne, wato 9 sau 30. Dabarar tana nuna inda za a duba ne kawai, don haka ta koma takardun sito ta tara da kanta, ta tabbatar 1,250 ce daidai. Kuskure na biyu na lissafi shekara ce: ta gina rahoton bana a kan fayil ɗin na bara, shekarar bara ta maƙale a ƙasan shafi. Sunan gari kuwa, Ɗambatta ta fito da siffa huɗu a rahoto guda, wani wuri da n, wani da m, wani da ƙugiya, wani babu. Ta zaɓi ɗaya, ta mayar da sauran ukun gare ta, ta buɗe jerin sunayen garuruwa da na ƙungiyoyi wanda kowa a ofis zai riƙa kwafa daga ciki.

Zagaye na ƙarshe ido na biyu ne. Ta roƙi a ba ta izini wani abokin aiki ya zauna da ita, shi yana riƙe da takardun asali yana karanta sunaye da lambobi da ƙarfi, ita tana bin rahoton da fensir. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san wannan: gardi komai ƙarfin haddarsa, in ya rubuta allo sai ya kai gaban malam an duba masa. Ba don bai iya ba ne, don mai rubutu ba ya ganin ƙeyarsa. Bayan an shigar da gyare-gyare kuma, takan koma kowane wurin da aka taɓa ta sake karanta jimlar gaba ɗaya, domin hannun da ya je gyara yakan bar sabon kuskure, kalma ta maimaitu ko tazara ta ɓace.

Sai ta faɗa masa farashin abin, wanda yawancin masu alkawari ke ɓoyewa. Ta rubuta cewa rahoto mai shafi 14 zai ci kamar awa biyu da rabi: minti 20 a na'ura, awa ɗaya da 'yan mintoci a karatun rula, sauran a sunaye da lissafi da ido na biyu. Saboda haka tana roƙon a riƙa rufe karɓar bayanai daga ƙauyuka kwana ɗaya kafin ranar miƙa rahoto. Ba ta kawo ƙurewar lokaci a matsayin uzurin abin da ya wuce ba, alhali gaskiya ne bayanan shafi na 6 zuwa na 9 sun iso ne ranar Alhamis da hantsi. Ta ajiye maganar sai a wurin da za ta yi amfani, wato cikin shirin gaba. Ni a ganina wannan jeri shi ya sa maigida ya karanta buƙatar a matsayin shawara.

Saura zagaye na tara na jan biron maigida, wanda ba ta lissafa cikin kurakurai ba. Maigida ya zagaye "za a" ya rubuta "za'a" a gefe. A nan shi ne bai yi daidai ba. Alamar hamza a cikin kalma ake rubuta ta, kamar a "sa'a" da "ma'aikata" da "jama'a". Amma "za a" kalmomi biyu ne, "za" da wakilin suna "a", daidai da "za mu" da "za su", kuma Hausa ba ta rubuta hamza a farkon kalma. Haka "ba a". To yaya ƙaramar ma'aikaciya za ta faɗa wa maigidanta haka, a takardar da take amsa laifinta? In ta yi shiru ta bi gyaransa, ta sa kuskure da hannunta a takardar da za ta fita da sunan ofis. In ta buɗe amsar da shi, ya zama tana neman rama faɗa. Sai ta kai shi can ƙasa, bayan ta gama komai:

"Akwai wuri ɗaya a shafi na 4, Yallaɓai, da na bari yadda yake, wato 'za a'. A ƙa'idar rubutun da aka koya mana ana raba ta kamar 'za mu'. Na sa mata alamar tambaya da fensir. In ka fi son a haɗe ta a takardun ofis, sai ka sanar da ni in bi hakan a ko'ina."

Ta faɗi ƙa'idar, ta ba da misalin da ke tabbatar da ita cikin kalmomi biyu, ta bar hukunci a hannun mai hukunci. Babu "ka yi kuskure" a ciki. Takardar ta dawo da yamma da sa hannunsa, alamar tambayar kuma an goge ta, "za a" tana nan a rabe.

Rahoton da ya biyo baya, na rabon irin shuka, ya hau teburin maigida da wata 'yar takarda a maƙale a goshinsa: ranar da aka gama bugawa, ranar da aka tace, wanda ya zama ido na biyu, da adadin abin da aka kama a kowane zagaye. Duk da haka kuskure ɗaya ya tsallake. Sunan wani shugaban ƙungiya ya fita ba daidai ba, kuma da aka bi sawu sai aka tarar haka yake a takardar asalin da aka turo daga ƙauye. Rula da karatu da ido na biyu duk sun yi aikinsu, sun tabbatar rahoto ya dace da asali, asalin ne gurgu. Mutumin da kansa ya zo ofis ya nuna wurin da yatsa. Malamar ta ba shi haƙuri, ta tambaye shi yadda yake rubuta sunansa, ta sa shi ya rubuta mata da hannunsa a jerin sunayen ofis. Da ya fita, ta ciro 'yar takardar da ke manne a gefen kwamfutarta ta ƙara layi a ƙasa: duk sunan mutumin da bai taɓa shiga jerin ba, a buga masa waya a ji daga bakinsa.